BARKA DA HAIHUWA: Kalmar Da Ke Gyara Zumunci, Da Wadda Ke Ɓata Shi

 Yau ba zancen soyayya ko kwalliya na kawo muku ba, zancen zuwa barka ne. Na san wata za ta ce, to mene ne abin koyo a barka, ba shiga za ka yi ka ce Allah ya raya ka fito ba? Ni ma haka na ɗauka, sai da na ga yadda kalma guda ta hana gidaje biyu gaisawa har tsawon wata uku.

Abin ya faru ne a danginmu. Ɗiyar gwaggona 'yar Gwandu ce, aka aurar da ita a Kalgo, kusa da Birnin Kebbi. Duk ƙasar masarautar Gwandu ce, don haka al'adar ɗaya ce kusan a komai. Da cikinta na fari ya tsufa sai aka mayar da ita gidan iyayenta goyon ciki, kamar yadda aka saba. Ranar wata Laraba da hantsi Allah ya sauke ta lafiya, ta sami ɗiya mace. Kafin la'asar labari ya isa Kalgo.

Washegari ƙanwar mijin, yarinya ce 'yar sakandare, ta shigo mota ta zo Gwandu barka. Ta shiga ɗaki cike da mata, ko gaisuwa ba ta gama ba ta ce, "Mi anka samu?" Aka ce mata, "Ɗiya macce." Sai ta karɓi jinjirar, ta leƙa fuskarta ta ce, "Ayya! To, Allah shi kawo namiji gaba." Ɗaki ya yi tsit. Mai jego ta juya fuskarta bango, gwaggona kuwa ta miƙa hannu ta karɓe jikarta ba ta ce uffan ba. Ita yarinyar har ta koma gida ba ta san ta yi ɓarna ba, alhali a Gwandu an riga an yanke cewa saƙon dangin miji ne ta isar, wato ba su yi murna ba. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

LAFIYAR UWA KAFIN KOMAI

Kuskurenta na farko shi ne ta fara da tambayar abin da aka haifa. Ki lura da kalmar da manya ke amfani da ita, cewa suke "barka da arziki". Wannan gaisuwa ce da ake yi wa wanda ya tsallake haɗari, domin kuwa mace mai naƙuda tsakanin rai da mutuwa take. Saboda haka barkar farko ta kuɓutar uwa ce, ta jinjiri tana biye.

In kin shiga gida ki yi sallama, ki fara da manyan da kika tarar, ki durƙusa ki ce, "Inna, barkanku da arziki, ashe an sauka lafiya." Za su amsa da "barka kadai". Sannan ki juya ga mai jego ki ce, "Sannu da jiki, Allah ya ƙara lafiya." Sai an miƙo miki jinjiri ki karɓa da bisimilla ki ce, "Masha Allah, Allah ya raya, Allah ya yi masa albarka, ya sa mai jin ƙan iyayensa ne." Ko ba ki tambaya ba, kafin ki tashi za ki ji mace ce ko namiji. Kuma ki riƙe "masha Allah" ɗin nan da kyau, don in kika tsaya yabon hanci da gashi ba ki ambaci Allah ba, da zarar yaro ya kwana kuka wata za ta ce bakinki ne.

Game da kalmar "ayya" kuwa, ta jaje ce, ba ta da gurbi a ɗakin haihuwa. Alƙur'ani a Suratun Nahli ya zargi mutanen jahiliyya da ke ɓata fuska in an yi musu albishir da ɗiya mace. Kin ga ke nan ba al'ada kaɗai ta hana ba. Haka kuma ban da "kai, ɗan ƙarami ne", ban da "bai yi kama da ubansa ba". Wannan ta ƙarshen ko da wasa kika faɗe ta, tana iya girgiza aure.

IN TA YI SHIRU BA FUSHI BA NE

Wani abin da ya ƙara rikita yarinyar nan shi ne mai jego ba ta amsa mata ba tun shigarta, sai ta ɗauka wulaƙanci ne. A'a. Haihuwar fari ce, akwai kunyar ɗan fari, kuma a ƙasar Gwandu inda al'adar Hausa da ta Fulani suka cakuɗe, wannan kunya tana da ƙarfi. Uwar ɗan fari ba ta nuna ɗoki a gaban manya, sau da yawa ko sunan yaron ba za ta riƙa kira ba. To kada ki takura ta da "ke ba ki murna ne?" Barkar ɗan fari ta kakanni ce, su za ki fuskanta.

A nan ne ma ake samun raha. In mace aka haifa, kina iya ce wa kakar, "Inna, an yi miki kishiya," kakan kuma a ce ya yi amarya. In namiji ne sai a ce kaka ta yi sabon miji. Wasan jika da kaka ne, kowa ya san shi, kuma yana sa mai jego murmushi ba tare da an sa ta magana ba.

YAUSHE NE SUNA?

Barka ba ta cika sai an rufe ta da, "Allah ya kai mu ranar suna lafiya." Amma kada ki tambayi sunan da za a sa. Uba kan yi wa jinjiri huɗuba tun da wuri, a kira salla a kunnensa, amma ba a shelanta suna sai ranar.

Ranar kuwa kina iya lissafa ta da kanki. A mazhabar Malikiyya da muke bi, in an haihu bayan fitowar alfijir ba a ƙirga wannan yinin. Ɗauki misalin 'yar uwata da ta haihu Laraba da hantsi. Alhamis ɗaya, Juma'a biyu, Asabar uku, Lahadi huɗu, Litinin biyar, Talata shida, Laraba bakwai. Shi ya sa suna kan faɗo ranar da aka haihu in ta zagayo. Da a ce cikin dare ta haihu kafin asubar Laraba, to Larabar za ta shiga lissafi, suna ya kama Talata. Duk da haka ki saurari ranar da masu gida suka faɗa, ita ce abin bi.

Ga wani abin lura. A wannan mazhaba tamu dabba ɗaya ake yankawa, ko namiji aka haifa ko mace. Ashe ragon ɗiya bai gaza na ɗa ba, don me barkarta za ta gaza?

Tun da mai jego tana Gwandu, miji yana Kalgo, barka ta zama biyu. Maza suka yi wa uban jinjira barka a Kalgo, can aka raba goro, can aka yi zanen suna da safe, mata kuma suka yi yininsu a Gwandu. In ke ƙawar mai jego ce, kada ki tsaya ga gidansu kaɗai, ki leƙa uwar miji ki ce, "Barkanku da samun ƙaruwa." Ba ta mantawa da wanda ya zo, haka ba ta mantawa da wanda bai zo ba.

ABIN DA ZA KI RIƘE A HANNU

'Yan mata da yawa kan ƙi zuwa barka wai don ba su da turmin atamfa. Wannan na ranar suna ne, kuma tsakanin matan aure ne masu biki da juna, wadda aka yi wa yau ita za ta rama gobe. Ke 'yar makaranta ba wanda ya ɗora miki. Sabulu guda biyu ko 'yar hular jinjiri sun isa. In babu, ki je da ƙarfinki: ki ɗebo ruwa, ki taya dakan yaji, ki wanke zannuwa. Kuma ki je cikin kwanakin nan kafin suna, don wadda ta bari sai ranar shinkafa ta bayyana, an san abin da ya kawo ta.

Kada ki daɗe. Mai jego ba ta samun barci, ga wankan safe da yamma. Ki wanke hannu kafin ki karɓi jinjiri, in kina mura ko tari ki gaisa daga bakin ƙofa, kuma ban da sumbatar bakinsa.

Sannan "yaya jiki?" ɗin nan ki yi ta da ido buɗe. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura cewa ciwon zuciya na kama masu jego da yawa a ƙasar Hausa, kuma suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wanka. In kin ga ƙafafunta sun kumbura, tana haki in ta yi 'yar tafiya, ko ba ta iya kwanciya sai ta jingina, kada ki ce gajiyar jego ce. Ki ja mahaifiyarta gefe cikin ladabi ki ce, "Inna, da an kai ta asibiti an duba." Haka in jini ya ƙi tsayawa ko zazzaɓi ya rufe ta.

YADDA AKA ƘARE

Aka yi suna fuska ba walwala. Aka yi arba'in, gwaggona ta ce ɗiyarta ba ta gama warwarewa ba. Wata biyu, wata uku, mai jego ba ta koma Kalgo ba, miji yana ta sintiri bai san laifinsa ba. Sai da wata tsohuwa ta tsegunta wa uwar mijin abin da aka faɗa. Matar nan ta yi salati, ta ce wallahi ba ta aiki kowa ba. Ta tasa ɗiyarta gaba har Gwandu, ga goro ga turmin zane. Yarinya ta durƙusa gaban gwaggona tana hawaye ta ce, "Inna, ku gafarce ni, ƙuruciya ce." Uwar mijin ta ɗauki jinjira ta ce, "Ina kishiyar tawa da anka ɓoye min?" Nan aka yi dariya, cikin makon mai jego ta koma ɗakinta.

Yau yarinyar nan ita ma ta yi aure, kuma haihuwarta ta fari mace ce. Da na je mata barka ta kama hannuna ta ce a hankali, "Yaya, sai yanzu na san abin da na yi."

To 'yar uwa, in kin ji an haihu a unguwarku, kafin ki ɗaga labule ki tsara abin da za ki faɗa. Allah ya raya mana abin da aka samu, ya ba masu jego lafiya, ya kai mu ranar suna. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.