Mayar da hoto PNG ba ya dawo da abin da JPEG ya zubar

Da zarar Disamba ya kunno kai, shagunan buga takardu daga Samaru Kataf zuwa Zonkwa da Kafanchan sai su cika da aikin katunan biki, kalandar ƙungiyoyi da fastocin tarukan coci da na masallaci. Tare da aikin kuma ake jin ƙorafi iri guda: tambarin ƙungiya ya fito cikin wani farin akwati, rubutu ya yi dishi-dishi, mai aiki na cewa injin ne, mai shago na cewa hoton ne. Maganin da ke yawo a bakin matasa, har da ɗaliban reshen kwalejin Nuhu Bamalli da ke Samaru, shi ne wai a mayar da hoton PNG, sai ya yi garau. Wannan magana ba ta da tushe.

A ɗauki misalin wata zumuntar mata mai zagayayyen tambari, da sunanta da jan rubutu. Wanda ya zana shi ya adana shi a PNG, ya bar gefen da'irar wayam ba launi, ta yadda duk inda aka ɗora shi za a ga abin da ke ƙarƙashi. Sakatariya ta karɓa, ta tura wa mai bugawa ta WhatsApp kamar yadda ake tura kowane hoto. A nan ɓarnar ta faru, domin manhajar tana matse irin wannan saƙo ta mayar da shi JPEG.

Shi JPEG, wanda aka kammala tsarinsa a 1992, don hotunan kyamara aka yi shi. Ba shi da wajen ajiye bayanin cewa wani ɗigo ba shi da launi, dole ya cike gurbin, galibi da fari ko baƙi. Daga nan akwatin ya samo asali. Sannan yana yanka hoto gida-gida, ɗigo 8 a tsaye 8 a kwance, ya zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya saurin kamawa, kuma yakan rage bayanin launi fiye da na haske. A fuskar amarya ko gonar citta, inda launi ke sauyawa a hankali, babu mai lura. Amma harafi gefensa kaifi gare shi, don haka sai wata ƙura-ƙura ta taru a kewayensa, jan rubutu kuwa ya fi kowane shan wahala. Wanda ya buɗe hoton ya faɗaɗa shi sosai zai ga ƙurar da kuma sawun ƙananan murabba'ai.

To me zai faru idan mai shago ya mayar da wannan hoto PNG? Fayil ɗin zai ƙara nauyi, sau da yawa ya ninka, shi ke nan. PNG, wanda ya fito a 1996, ba ya zubar da komai: abin da aka ba shi yake riƙewa, har da akwatin da ƙurar. Busasshiyar citta ko an sauya mata babban buhu ba ta komawa ɗanya. Sauya ƙarshen sunan fayil daga .jpg zuwa .png da hannu ma ya fi wannan zama aikin banza, tunda cikinsa bai canja ba.

Sai WebP, wanda Google ya fitar a 2010, shi ne ake yawan samu idan an sauke hoto daga intanet, kuma shi ne tsarin sitikokin WhatsApp. Yana riƙe gurbi mara launi, ya kuma fi sauran biyun sauƙin nauyi a mafi yawan lokuta, abin da ke rage cin data. Sai dai iri biyu ne a ƙarƙashin suna ɗaya: mai zubarwa da mara zubarwa. Mai zubarwar shi ma yana dusashe jan rubutu, don haka mai tambari ya nemi zaɓin Lossless. Tsofaffin manhajojin zane da har yanzu ke kan kwamfutocin wasu shaguna kuma ba sa buɗe shi sam.

Masu tsara shafukan rajista su ma suna da nasu kason laifin. A ce wa ɗalibi ya ɗora takardar shaida a JPEG da 'yan kilobait kaɗan, sannan a dawo a ce rubutun ba ya karantuwa, bai yi kama da adalci ba.

Hoton mutane da na wurare ya zauna a JPEG, a kuma daina gyara shi ana sake adanawa, domin kowace adanawa sabuwar zubarwa ce. Tambari, hatimi, sa hannu da duk abin da rubutu ya fi yawa a cikinsa su zauna a PNG. WebP na shafin intanet ne, ba na kai wa mai bugawa ba. Sakatarorin ƙungiyoyi kuma su karɓi asalin fayil daga hannun mai zane, su adana shi, idan za su tura su bi ta Document maimakon Gallery.