GARGAƊI GA MASU ALBASHI: KUƊINKU NA ZUBEWA TA INDA BA KU GANI

Jama'a, malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masinjoji, 'yan fansho, da duk wanda ke jiran ƙarshen wata a Najeriya: ku daina auna albashinku da yawan naira. Ku auna shi da kwanon masara da shinkafa, domin a can ne ake zaftare muku shi ba tare da takardar sanarwa ba.

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. A watan Yunin 2023 aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati zuwa sama da 1,500 a 2024. Motar da ke ɗauko hatsi zuwa Dawanau mai take sha, magani kuma da dala ake shigo da yawancinsa. Dole kaya su tashi.

Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari. Ga abin da hakan ke nufi a aljihu. A ce albashinka naira 100,000 ne a Disambar 2023, kuma bai motsa ba. Kayan da ka saya da shi a lokacin, bayan shekara guda sai da 134,800 za ka same su. Wato dubu ɗarinka ta koma tana aikin dubu 74. Kusan cefanen mako guda ya fita daga kowane wata. Mai ƙaramin albashi ya fi jin jiki, don yawancin kuɗinsa ciki suke tafiya, kuma tsadar abinci ta haura kashi 40 a tsakiyar 2024.

Kada ƙarin albashi ya ruɗe ku. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga 30,000 na 2019 zuwa 70,000 a Yulin 2024. Amma 30,000 ɗin can ta fi dala 80, ita kuwa 70,000 ba ta kai dala 50 ba ranar da aka sa mata hannu.

Abin da ya fi damuna shi ne murnar da ake yi in an ji a rediyo cewa hauhawar farashi ta sauka. Saukarta ba saukar farashi ba ce. Gudun tashin ne ya ragu. In ta sauko daga kashi 35 zuwa 15, kayan nan na 134,800 za su kai kusan 155,000 bayan wata shekarar. Wani lokacin hatsi kan yi sauƙi da kaka, gaskiya ne, amma kuɗin haya da na makaranta da na mota in sun hau ba kasafai suke dawowa ba. Akwai kuma tsadar da ke ɓuya: farashi na nan yadda yake, amma burodin ya yi shafal a hannu, ƙullin man gyaɗa ya tsuke, gindin mudu an bubbuga shi ya shige ciki. Uwargida ce ke fara ganewa, ranar da awon da ke kai mata sati ya ƙare cikin kwana biyar.

Babban haɗari shi ne toshe wannan giɓi da bashin ruwa, musamman na manhajojin waya. Ka ci 20,000 a tsakiyar wata, ka biya misalin 23,000 da an yi albashi. Sabon wata ya kama ka da 77,000 a hannu, kaya kuma sun ƙara kuɗi, sai ka sake ci fiye da na farko. Cikin 'yan watanni albashin ya zama na masu bin bashi tun kafin ya shigo. Haka ma adashi mai dogon zango: wanda ya kwashi na ƙarshe bayan wata goma sha biyu, kuɗinsa sun cika a ƙirge, amma ba za su sayi abin da na farko ya saya ba. Ku gajarta zagayen, ko ku haɗa kuɗin ku sayi buhu da kaka ku raba da kwano.

Yau ɗin nan, kowane magidanci ya ɗauki takarda ya rubuta farashin abu biyar da gidansa ba ya rabuwa da su, ya sake rubutawa ranar albashi mai zuwa. Da an ga alat, a fara sayen abincin wata kafin komai. Shugabannin ƙwadago kuma, dokar 2024 ta ce a riƙa duba mafi ƙarancin albashi duk shekara uku. Ku je teburin da farashin kasuwa a hannunku, kada ku sa hannu kan adadin da bai cika tukunya ba.