Kafin Ki Sa A Rushe Bango Don Faɗaɗa Falo

Uwargida, idan iyali suka ƙaru, sau da yawa dabarar da ke fara zuwa ita ce a fasa bangon da ke tsakanin falo da ɗakin kusa da shi. Wani bangon ana cire shi lafiya lau. Wani kuwa shi ne ke riƙe da abin da ke saman kanku, kuma fenti da filasta sun sa duk kamarsu ɗaya.

Gidajen bulo iri biyu ne. A na farko, bangon da kansa ke ɗaukar nauyin rufi ko dakin, ya sauke shi kan harsashi. A na biyu, ana fara tsayar da ginshiƙan kankare masu rodi, wato fila, a haɗa su da bim daga sama, sannan a zuba dakin. Bulon da aka jera daga baya cike gurbi kawai ya yi, don a raba ɗakuna. Wannan na biyun ne ake iya cirewa, muddin ba a taɓa fila ko bim ba.

Ga misali don ki ga girman nauyin. A ce falonki da ɗakin kowanne faɗinsa mita 4 ne, bangon tsakaninsu ma tsawonsa mita 4, kuma dakin mai kaurin inci 6 ya kwanta a kansa daga ɓangarorin biyu. Kowane murabba'in mita na irin wannan dakin yana kai kilo 360. Bangon yana ɗaukar rabin kowane ɓangare, wato murabba'in mita 16, kusan kilo 5,760 ke nan. Nauyin buhun siminti 115 ne, ba a ma sa tayil, gadaje, tankin ruwa da mutanen da ke sama ba.

To yaya za a gane? Fara da zanen gidan, amma wanda injiniya ya yi mai nuna fila, bim da rodi, ba mai nuna tsarin ɗakuna kaɗai ba. Ko an same shi, sai an gwada shi da abin da ke tsaye, domin magina kan sauya abu a wurin aiki.

Daga nan a duba sama. Idan bene ne, akwai wani bango daidai saitin wannan? Idan rufin kwano ne, a buɗe silin a ga ko katakon rufin ya sauka a kansa. A gidan ƙasa kuwa, duk bangon da azara ta kwanta a kai, mai ɗaukar nauyi ne.

Sannan a kankare filasta kaɗan a saman bangon da gefensa biyu. Abin da ake nema shi ne bim a manne da ƙasan dakin, wanda bakinsa biyu suka zauna kan fila. Nan ake yawan ruɗuwa da linta, kankaren da ake zubawa saitin saman ƙofa da taga. Linta a kan bulo take zaune, idan an janye bulon ita ma ta rasa madogara.

Kada ki yarda da hukuncin “ai bulo inci 6 ne, ba ya ɗauke da komai”. An fi sa inci 9 a bango mai nauyi, amma akwai gidajen da aka ɗora wa inci 6 dakin don rage kashe kuɗi. Haka kuma ko an ga bim, idan ƙarami ne ko rodinsa bai isa ba, yana iya lanƙwasawa da shekaru har ya jingina da bulon ƙasansa. Shi ya sa hukuncin ƙarshe na injiniyan gini ne. A Najeriya, ki tambayi lambar rajistarsa ta COREN. Ki kuma nemi iznin hukumar tsara birane, irin su KNUPDA a Kano, da na mai gida idan haya kuke.

Idan bangon mai nauyi ne, ba a rasa mafita ba. Ana kafa tokare a ɓangarorin biyu tun kafin a taɓa bulo ko ɗaya, a sa sabon bim na ƙarfe ko na kankare bisa lissafin injiniya, tare da filar da ke da nata harsashin. Kankare sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka lissafa masa, don haka ba birkila ne zai yanke ranar cire tokaren ba.

Ranar aiki, a kashe wuta da ruwa, domin waya da bututu suna bi ta cikin bango. A rushe daga sama zuwa ƙasa, yara kuma su bar wurin, har da ɗakin da ke sama. Idan bayan aiki kin ga sabuwar tsaga tana buɗewa, ƙofa ta fara cijewa, ko filastar silin na zubowa, ki fitar da kowa daga wannan sashen, ki kira injiniya a ranar.