Yadda Ake Gabatar da Binciken Kasuwa Har Ya Kai ga Yanke Shawara

A shekarar 1993 madarar Cowbell ta shiga kasuwar Najeriya a ’yan ƙananan ledoji, a lokacin da aka fi sanin madara da gwangwani. Kamfanin ya hango wani rukuni na masu saye da aka bari a baya, wato masu sayen abin shan shayin yau da kuɗin yau. Irin wannan hange ake biyan masu binciken kasuwa su kawo. Sai dai sau da yawa gano abin ya fi sauƙi a kan bayyana shi ga shugabannin kamfani a zaman rabin awa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne mai bincike ya bi tsarin takardar tambayoyinsa, tambaya ta ɗaya, ta biyu, har ta talatin, shawarwari kuma su zo a shafin ƙarshe bayan manaja ya fara duba agogo. Barbara Minto, wadda ta shiga kamfanin ba da shawara na McKinsey a 1963, ta yi suna wajen koyar da akasin haka. A tsarinta, wanda ta kwatanta da dala, amsa ce ke zama a sama, hujjoji su biyo a ƙasa. Don haka shafin farko ya faɗi abin da aka gano da abin da ake so a yi.

Daga nan sai rukunan masu saye. A ɗauka, a matsayin misali, wani kamfanin madara a Kano ya ga cinikinsa ya ja baya, ya sa aka tambayi mutum 400. Mutum 220, wato kashi 55 cikin ɗari, suka ce madarar ta yi tsada. Wanda ya tsaya a nan zai ce a rage farashi kawai.

Amma da aka raba su bisa yadda suke saye, sai labari ya sauya. Cikin mutum 240 masu sayen leda kullum a shagon unguwa, 168 ne suka koka, kashi 70 ke nan. Cikin ’yan albashi 120 masu sayen gwangwani ƙarshen wata, 36 ne kacal, kashi 30. Cikin masu shayi 40 kuwa, 16 ne suka koka, kashi 40. Ashe kukan tsadar na rukuni ɗaya ne, kuma rage farashi ga kowa asara ce a kan waɗanda ba su nema ba. Rukunin da ya cancanci shafinsa shi ne wanda amsarsa ta bambanta da ta saura, kuma kamfani ya san inda zai same shi. Dole a nuna kason kowane rukuni a ciniki, domin mai shayi ɗaya yana iya sayen abin da gidaje da yawa ba sa saye.

A sashen sakamako, uku ko huɗu sun wadatar, kowanne da shafinsa da jadawali ɗaya. Kanun shafi ya zama cikakkiyar magana. Maimakon “Ra’ayi kan farashi”, a rubuta “Bakwai cikin goma na masu sayen leda sun ce ta yi tsada”. Ana gwada tsarin ta hanyar karanta kanun shafukan kaɗai a jere. In labarin bai fito ba, da sauran gyara.

A nan ne kuma tarko yake. Idan an zaɓo mutum 400 ba tare da son rai ba, sakamakonsu yana iya kaucewa gaskiya da maki biyar sama ko ƙasa. Na mutum 40 kuwa yana iya kaucewa da kusan maki 15. Ke nan kashi 40 na masu shayi yana iya zama 25, yana iya zama 55. Shi ya sa ake rubuta yawan waɗanda aka tambaya ƙarƙashin kowane jadawali, ba a kuma ɗora babbar shawara a kan ƙaramin rukuni.

Shawarwari su ne ƙarshe, kuma kowacce ta ambaci rukuninta da hujjarta da mai aiwatarwa da wa’adi da kuɗin da za ta ci. “A inganta talla” ba shawara ba ce. A misalin nan, sashen sarrafawa zai fitar da ƙaramar leda mai rahusa, a gwada ta wata uku a Fagge da Gwale, a kwatanta cinikin da na unguwannin da ba ta je ba. Farashin gwangwani ya tsaya yadda yake. Masu shayi kuma a sake tambayar aƙalla 100 daga cikinsu kafin a taɓa farashin sari. Takardar tambayoyi da yadda aka zaɓo mutane su koma rataye a baya, don wanda ya nema.