Cire zarnin fitsari daga soson kujera

Zarnin fitsari da ke kama matashin kujera na soso yana da wuyar fita saboda yadda soson yake. Yawancin irin wannan soso ana yin sa ne da foliyuretan, mai ƙananan ramuka da ke haɗe da juna, don haka fitsarin yaro ko na kyanwa yakan ratsa yadin ya shige har tsakiya. Sabon fitsari ba shi da wari sosai. Ƙwayoyin bakteriya ne ke farfasa sinadarin yuriya da ke cikinsa ya koma amoniya, daga nan zarni yake tashi. Fitsarin kyanwa ya fi kauri, kuma yana ɗauke da sinadarin felinin wanda ke rikiɗewa zuwa abubuwa masu warin farar wuta.

Idan fitsarin bai bushe ba, akan cire rigar matashin a wanke ta daban da ruwan sanyi, sannan a danna soson da busasshen tawul har ya daina jiƙewa. Gogewa ba ta da amfani, domin tana ƙara watsa fitsarin ne kawai. Bayan haka ana gauraya kofi ɗaya na farin binega da kofi ɗaya na ruwa a zuba a wurin. A nan ne mutane da yawa ke kuskure: suna fesa saman kawai, alhali fitsarin ya bazu a ciki fiye da tabon da ake gani. Idan tabon ya kai faɗin tafin hannu, sai a jiƙa wurin da ya ninka shi, a riƙa dannawa ana saki domin ruwan ya kai zurfin da fitsarin ya kai. Bayan kamar minti 15 a ɗauraye da ruwa mai tsafta, ana matsewa ba tare da murɗawa ba, saboda jiƙaƙƙen soso yana yagewa.

Tsohon zarni, musamman na kyanwa, sau da yawa binega ba ya gamawa da shi. Abin da ya fi aiki shi ne ruwan wanki mai enzayim, wanda ke buƙatar zama a jiƙe a cikin soson na tsawon lokacin da aka rubuta a jikin kwalbarsa. Ba a amfani da bilic, domin haɗuwarsa da amoniya tana fitar da iskar kuloramin mai cutar da huhu, kuma yana lalata soson.

Ana jingine matashin a tsaye a inuwa mai iska ko gaban fanka, tunda zafin rana na tsawon lokaci yana sa soso ya yi rawaya ya fara marmashewa. Da hunturu yakan bushe da wuri, amma da damina yana iya kai kwana biyu ko uku. Ana gane ya bushe idan an danna tsakiyarsa da busasshen ƙyalle bai ɗauko danshi ba. Zarnin da ke dawowa duk ranar da iska ta yi laima alama ce cewa saura na nan a ciki, sai a maimaita wankin, ko a kai wa mai gyaran kujeru ya yanko sabon soso.