Harshen Ɗan Jarida a Fagen Wasannin Nakasassu

Gabatarwa

A shekarar 1988 wani mutumin Kano, Misbahu Lawan Didi, wanda shan-inna ta taɓa tun yana ƙarami, ya ƙirƙiro wasan da a yau ake kira ƙwallon guragu. 'Yan wasa kan zauna bisa wani ɗan katako mai tayoyi, suna tunkuɗa kansu da hannu, kuma da hannun suke buga ƙwallo. Wasan ya bazu a jihohi da dama, har akan shirya gasa albarkacin Ranar Yaƙi da Shan-inna ta Duniya, watau 24 ga Oktoba. Amma sau da yawa labarin da ake bayarwa a kan irin waɗannan wasanni ya fi kama da jaje. Wannan maƙala za ta duba abubuwa uku da mai rahoto da Hausa ya kamata ya kiyaye: zaɓen kalma, bayanin rukuni, da kauce wa lafazin tausayi.

Zaɓen Kalma

Kalmomin "gurgu" da "makaho" da "kurma" tsofaffi ne a Hausa, kuma ba zagi ba ne a karan kansu, tun da akwai sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, masu riƙe da su kuwa ba sa jin kunyarsu. Illar tana zuwa ne idan kalmar ta maye gurbin sunan mutum da sana'arsa. Wanda ya ce "wani gurgu ya ci tsere" ya ɓoye mana sunan gwanin da garinsu. Daidai shi ne a fara da suna, a bi da "ɗan tsere" ko "mai tsaron gida", sa'an nan a ambaci lalurar in labarin na bukatarta.

Akwai kalmomin da ya kamata a bari ɗungum, irin su "musaki" da "miskini", domin suna ɗauke da ma'anar gazawa da bara. Ita kuwa jimlar "masu bukata ta musamman", wadda ta yi yawa a rediyo, tana da ladabi, sai dai ba ta gaya wa mai sauraro wane irin wasa aka yi ba. In an yi shakka, a tambayi ɗan wasan yadda yake so a kira shi. Haka kuma kada a sa kurame cikin gasar Olamfik ta nakasassu, domin suna da tasu gasar ta duniya tun 1924.

Bayanin Rukuni

Bahaushe ya san cewa ba a haɗa ƙato da yaro a fagen kokawa. Wannan ita ce hikimar rarraba 'yan wasa rukuni-rukuni: a haɗa waɗanda lalurarsu ke shafar wasan daidai gwargwado, don nasara ta dogara ga horo da gwaninta. Kwamitin da ya ƙunshi masanin lafiyar jiki da masanin wasan shi ke auna ɗan wasa, ya gwada ƙarfin gaɓoɓinsa, wani lokaci ya sake dubansa a cikin gasa.

A wasannin guje-guje da jefe-jefe, rukuni yana da harafi da lamba. Harafin T na tsere ne da tsalle, F kuwa na jifa. Lamba 11 zuwa 13 ta masu lalurar gani ce, 40 da 41 ta masu gajartar halitta, 51 zuwa 57 kuwa ta masu wasa a zaune. A cikin kowane gida, galibi ƙaramar lamba na nuna lalura mai tsanani. Alal misali, ɗan tseren T11 yakan rufe idanunsa ruf, ya yi gudu tare da ɗan jagora, alhali na T13 yana gudu shi kaɗai.

Mu ɗauki Flora Ugwunwa, 'yar Nijeriya mai jifan mashi a rukunin F54. Ta ci zinariya a Riyo a 2016 da jifa mai nisan mita 20.25, ta sake ci a Tokiyo a 2021, ta sami azurfa a Faris a 2024. Wanda ya ji mita 20 zai iya raina ta, in ya kwatanta da masu jifa a guje da ke wuce mita 60. Jimla guda ta isa ta gyara wannan: 'yan rukunin F54 suna jifa ne a zaune bisa kujerar da aka ɗaure, da ƙarfin hannu da kafaɗa kawai, domin ƙugu da ƙafa ba sa taimaka musu. Da zarar an faɗi haka, mai sauraro ya gane girman aikin ba tare da an roƙe shi tausayi ba.

Kowane wasa da nasa tsari. A ɗaga ƙarfe, inda Nijeriya ta fi yin suna, nauyin jiki kaɗai ake dubawa bayan an tabbatar da cancanta. Folashade Oluwafemiayo ta ɗaga kilo 167 a Faris a 2024, a ajin mata masu nauyin sama da kilo 86. Kuskure ne a laƙa mata T ko F. Ƙwallon guragu kuma ba ya cikin wasannin Olamfik ta nakasassu, saboda haka waɗannan lambobi ba su shafe shi ba.

Rukuni ba abin wasa ba ne. A Sidni a 2000 an ƙwace zinariyar ƙwallon kwando daga 'yan Sifen, bayan da ta bayyana cewa 10 daga cikin 'yan wasa 12 ba su da lalurar ƙwaƙwalwar da suka yi iƙirari. Duk da haka, bai kamata mai rahoto ya zargi kowa da gani kawai ba. Ganin ɗan wasa ya tashi daga keke ya taka ba shaidar maguɗi ba ce, don da yawa cikin masu wasa a zaune suna iya 'yar tafiya.

Lafazin Tausayi

A ƙaddara an yi wasa a Tudun Wada tsakanin 'yan Kiru da 'yan Bebeji, sai wakili ya rubuta: "Allah sarki, wasu bayin Allah guragu, duk da halin da suke ciki, sun nishaɗantar da jama'a, har wasu suka zubar da hawaye." A nan babu sakamako, babu suna, babu dabara. 'Yan kallo ne suka zama taurarin labarin, kuma "duk da halin da suke ciki" ta nuna ba a tsammaci komai daga 'yan wasan ba.

Ga yadda ya dace: "'Yan Kiru sun doke 'yan Bebeji da ci 2 da 1 a wasan ƙwallon guragu jiya a Tudun Wada. Kyaftin ɗin Kiru ne ya ci ta biyu daf da tashi, bayan da mai tsaron gida ya fito ya bar raga. Ranar Asabar za su kara da 'yan Doguwa." In akwai matsala, kamar rashin fili mai daɓen siminti ko tsadar mota, a faɗe ta a matsayin hakki, a tambayi hukumar da abin ya rataya a wuyanta, musamman da yake tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wa nakasassu bambanci a Nijeriya.

Kammalawa

Akwai ma'auni mai sauƙi da ɗalibi zai riƙe. Bayan ya gama rubutu, ya cire duk kalmar da ta ambaci lalura, ya sake karantawa. In sakamako da sunaye da yadda aka yi nasara suna nan, ya rubuta labarin wasa. In kuwa ba abin da ya rage, sai ya koma wurin 'yan wasan ya tambaye su abin da ya faru a fili.