Kaya ashirin a shago, uku ne ke riƙe da jari

Mai shagon kayan masarufi yakan shafe yamma guda shi da yaransa suna ƙidayar ashana da reza da alawa, alhali buhunan shinkafa na jibge a sito babu wanda ya lissafa su tun watan jiya. Ba sakaci ne kaɗai ke jawo haka ba. Ƙananan kaya su ne a gaban ido, su ake ta miƙawa a kan kanta, don haka su ke cinye hankali. Amma kuɗin shagon ba a jikinsu yake ba. Masu kula da sito a manyan kamfanoni suna da wata dabara ta gano inda kuɗin yake, wadda suke kira tsarin ABC, kuma duk mai littafin ciniki da kalkuleta zai iya yin ta.

Tushenta yana komawa ga masanin tattalin arziki ɗan Italiya, Vilfredo Pareto, wanda ya lura a ƙarshen ƙarni na 19 cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane kaɗan. A shekarar 1951 wani ma'aikacin kamfanin General Electric na Amurka, H. Ford Dickie, ya nuna cewa haka abin yake a sito: kaya kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗi. Sai ya raba kayan gida uku, A da B da C.

Lissafin kansa ba shi da wuya. A kowane irin kaya, a duba yawan abin da ya fita a shekara, a ninka shi da kuɗin sarinsa. Daga nan a jera kayan daga mai kuɗi mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, a riƙa tarawa daga sama ana gangarowa. Kayan da suka haɗa wajen kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari na jimilla su ne A. Na bayansu masu kashi 15 zuwa 20 su ne B. Ragowar duka C ne. Waɗannan iyakoki ba doka ba ce, kowane ɗan kasuwa yana ja layi a inda ya ga kuɗin ya yi faɗuwa a fili.

Mu ƙaddara wani shago a Kano mai kaya iri 20, wanda yake sarin naira miliyan 100 a shekara. Alƙaluman na misali ne. Shinkafa tana fita buhu 600 a kan naira 70,000, wato miliyan 42. Man girki jarka 500 a kan naira 50,000, miliyan 25 ke nan. Sukari buhu 150 a kan naira 80,000, miliyan 12. In aka tara ukun nan an sami miliyan 79. Taliya da madara da sabulu da tumatirin gwangwani, su huɗu, sun haɗa miliyan 15, su ne B. Sauran iri 13 ɗin gaba ɗayansu miliyan 6 ne kacal.

A cikin waɗannan 13 akwai abubuwa biyu da ke ruɗin mutane. Ashana ta fi komai fita a shagon, fakiti 5,000 a shekara, amma a kan naira 100 kuɗinta bai wuce naira 500,000 ba. Man zaitun kuma ya fi komai tsada, katan ɗaya naira 90,000, sai dai katan biyar ake sayarwa a shekara, naira 450,000. Da mai yawan fita da mai tsada duk sun faɗa C, domin ba yawa kaɗai ake dubawa ba, ba kuma farashi kaɗai ba, sai an ninka su.

To me za a yi da wannan rabo? A nan amfanin yake. In buhu biyu cikin kowane ɗari na shinkafa suka salwanta, ko ta hanyar ɓera, ko danshi, ko yaron shago mai dogon hannu, an yi asarar buhu 12 a shekara, naira 840,000. Wannan ya fi kuɗin ashanar shekara gaba ɗaya. Saboda haka kayan A ake ƙidayawa kowane mako, mabuɗin sitonsu yana hannun mutum ɗaya, kuma buhu ba ya fita sai an rubuta. Su ne kuma ya kamata maigida ya zauna ya yi cinikinsu da dila da kansa, don ragin naira 1,000 a buhun shinkafa naira 600,000 ce a shekara. Ba a jibge su da yawa in hanyar samun su a buɗe take, a saro kaɗan-kaɗan a kai a kai, kada jari ya kwanta. Kayan B ƙidayar wata-wata ta ishe su. Na C kuwa a sayo da yawa lokaci guda, a ajiye katan biyu: ranar da aka buɗe na biyu, a aika a sayo wani. Babu buƙatar littafi mai tsawo.

Sai dai tsarin yana da makanta, kuma a ganina nan ne masu ɗaukarsa da zafi suke faɗawa rami. Kuɗi kaɗai yake gani. Gishiri C ne, amma matar da ta zo sayen kwanon shinkafa da gishiri ta tarar babu gishiri, tana iya wucewa shagon gaba ta haɗa duka a can. A kantin magani abin ya fi haka nauyi. Ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa ba shi da tsada, a lissafi yana iya zama can ƙasa, amma rashinsa na iya cin ran yaro. Shi ya sa masu kula da magunguna a asibitoci suke haɗa ABC da wani rabon na dabam da ke duba muhimmancin magani ga rai. Kasancewar abu a C na nufin kada a ɓata lokaci wajen ƙidayarsa, ba wai a bar shi ya ƙare ba.

Littafin ciniki ma yana iya yin ƙarya. Kayan da ya yanke wata uku babu shi a shago zai fito ƙarami a lissafi, alhali nemansa ake yi. Wanda kuma ya rubuta shinkafa wani wuri da buhu wani wuri da kwano, ya ninka duka da farashin buhu, zai ga lambar da ba ta da kai. Akwai kuma kayan da suka yi kwantai: tunda ba sa fita, suna zama a ƙasan jerin, amma kuɗi ne kwance a kan kanta. Waɗannan sai an zaga sito da ido. Dabino kuwa C ne wata goma sha ɗaya, da azumi ya kama sai ya haye sama.

Alamar cewa tsarin bai dace da shagonka ba a fili take. In ka jera kayanka ka ga na sama da na ƙasa ba su da wata tazara, kowanne yana ɗauke da kusan kaso ɗaya, to rabon ba zai ƙara maka komai ba. In kuwa ka ga uku ko huɗu sun kwashe kusan komai, ka fara ƙidaya daga kansu a wannan makon. Kuma da yake farashi ba ya zama wuri ɗaya a kasuwarmu, ka sake lissafin bayan kowane wata shida.